An Sace Laftof, Makullan Ofis Suna Ciki: Yadda Ake Sauya Kwaɗo Kafin Ɓarawo Ya Iso

Da misalin ƙarfe 4:20 na yammacin wata Alhamis wani ƙanena ya bugo mini waya, muryarsa na rawa. Shi ke kula da kwamfutocin wani kamfanin sarin magunguna a Kano, mai babban ofis ɗaya da rassa biyu. Ya sauka daga adaidaita sahu, ya juya ya biya kuɗi, ko da ya waiwaya jakar da ya ajiye a gefen ƙafarsa ta yi layar zana.

"Yaya, an ɗauke mini laftof," in ji shi. "Amma da sauƙi, yanzun nan na canza kalmar sirrin imel ɗina ta waya."

Na tambaye shi ko da laftof ɗin yake shiga kwamfutocin ofis daga gida. Ya ce e, kullum. Na ce in zai shiga, yana rubuta kalmar sirri? Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce a'a, da ya danna take buɗewa. Na ce to ƙanena, ba laftof kaɗai aka ɗauke ba, an haɗa da damin makullan Alhaji.

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa yar da makullin shago a Kantin Kwari ya san abin yi. Ba ya zama jiran wanda ya tsinta ya dawo da shi, kuma ko an dawo da shi ba ya sakin jiki, don wa ya sani ko an kai wa mai yankan makulli an yi kwafi? Sabon kwaɗo yake saya kafin magariba. Haka abin yake a nan. Makullin da ya bar hannunka babu yadda za ka yi da shi. Abin da ke hannunka shi ne ƙofar, kuma aikinka shi ne ka sa ƙofar ta daina sanin wannan makulli.

Abin da laftof ke ɗauke da shi

Kalmar sirri tana cikin kan mutum ne, ɓarawo bai tafi da ita ba. Abin da ya tafi da shi abubuwa ne da aka ƙirƙiro musamman don kada a riƙa tambayar kalmar sirri kowane lokaci. Kashi uku ne.

Na farko makulli ne na zahiri, wato ƙaramin fayil. Masu kula da manyan kwamfutocin ofis, waɗanda ake kira saba ko uwar garke, suna shiga su daga nesa ta hanyar da ake kira SSH. Makullin SSH tagwaye ne. Ɗaya na sirri, yana zaune a laftof cikin fayil mai suna irin `id_ed25519`. Ɗayan na fili, shi ake kaiwa a liƙa a saba cikin wani jeri mai suna `authorized_keys`. Duk wanda ya zo da na sirrin da ya dace da wani layi a jerin, ƙofa za ta buɗe masa. Sabar ba ta ganin fuska, ba ta jin murya. Irin wannan makulli kuma ba ya tsufa da kansa. In ba hannu aka sa aka cire shi ba, bayan shekara biyar ma zai yi aiki.

Na biyu tikiti ne. Ranar da ka shiga imel ɗinka, ka rubuta kalmar sirri, ka shigar da lambar da aka turo maka a waya, sai gidan ya miƙa wa burauzarka wata 'yar shaida da ke cewa an riga an tantance wannan. Gobe ita za a nuna, ba za a sake tambayarka komai ba. Wanda ya riƙe shaidar ya tsallake kalmar sirri da lambar waya gaba ɗaya. A watan Janairu na 2023 kamfanin CircleCI, wanda masu haɗa manhaja da yawa ke aiki da shi, ya bayyana cewa an sace irin wannan tikiti daga laftof ɗin wani injiniyansa ta hanyar muguwar manhaja, aka shiga da sunansa duk da cewa asusun yana da tantancewa mai mataki biyu. Sai da kamfanin ya nemi duk abokan cinikinsa su sauya sirrikan da suka ajiye a wurinsa. A can ba a ma ɗauke laftof ɗin ba. To ina ga wanda aka tafi da shi ɗungurungum?

Na uku ita ce amana. Kowa ya san ɗan akwatin nan da ke cewa kada a sake tambaya a wannan na'ura. Da ka danna shi, ka gaya wa gidan cewa wannan kwamfuta ta gida ce, ko an fita an dawo kada a nemi lambar waya. Haka WhatsApp da aka haɗa da kwamfuta: yana ci gaba da karɓar saƙonni ko da wayar tana wani gari.

Sauya kalmar sirri yana kashe wasu daga cikin waɗannan, ba duka ba. Google yana fitar da yawancin na'urori in an canza. Amma a GitHub, inda ake ajiye rubutun manhaja, canza kalmar sirri ba ya taɓa makullan SSH da aka yi wa rajista. Ita kuwa sabar ofis ba ta ma san an canza wani abu a imel ba.

Tambaya biyu da ke nuna yawan lokacin da ya rage

Na tambayi ƙanena abu biyu. Faifan ajiyar laftof ɗin a kulle yake da BitLocker? Ya ce a'a. A kashe take ko marfi kawai ya rufe? Ya ce marfi ya rufe, kuma tun bara ya cire tambayar kalmar sirri a lokacin farkawa, wai tana ɓata masa lokaci.

Wannan ita ce mafi munin amsa. Da a ce faifan a kulle yake, da BitLocker a Windows ko FileVault a Mac, kuma an kashe na'urar baki ɗaya, to abin da ke ciki tarkacen lambobi ne a idon ɓarawo, kuma ana iya yin aikin a tsanake cikin yini. In faifan ba a kulle yake ba, kalmar sirrin shiga Windows labule ce kawai: a zare faifan a jona shi da wata kwamfuta, fayilolin makulli su bayyana. In kuwa barci take kuma ba ta tambayar komai, ɗaga marfi kaɗai ya isa.

Wasu suna sa wa makullin SSH kansa kalmar sirri. Abu ne mai kyau, amma jinkiri yake saya, ba tsira ba. Wanda ke riƙe da fayil ɗin yana iya sa kwamfutarsa ta yi ta cinke dare da rana, babu mai cewa ya yi kuskure sau uku an rufe. Doguwar kalma ta ba ka kwanaki ko shekaru, gajera ta ba ka mintoci. Ko wacce ce, makullin sai an soke shi.

Gaskiya ne yawancin masu fizgen jaka kuɗin na'urar suke so, ba abin da ke ciki ba. Amma laftof na bin hannu uku ko huɗu kafin ta zauna, kuma ba ka san na wa za ta ratsa ba.

Daga ina ake farawa

Na ce ya fara kiran Alhaji. Ya so ya bari sai ya gyara komai tukuna, don kunya. Na ce a'a, domin WhatsApp ɗinsa na buɗe a laftof ɗin, kuma daga nan yake tura wa akawun kamfani lambobin asusun da za a biya. Ya kira ya ce, "Ranka ya daɗe, an sace kwamfutata. Duk saƙon da ya zo da sunana yau ana neman a tura kuɗi, kada a tura sai an ji muryata." Wannan kira na minti ɗaya ya toshe hanyar da ta fi kowace sauƙin bi.

Daga nan ya buɗe WhatsApp a wayarsa, ya shiga `Linked devices`, ya taɓa sunan kwamfutar, ya danna `Log out`. Sai imel. Ana gabatar da imel ne domin ita ce uwar makullai: duk gidan da ka ce ka manta kalmar sirri, can zai aika maka da hanyar sabuntawa. A asusun Google, ƙarƙashin `Security`, akwai `Your devices`, inda ake zaɓar laftof ɗin a danna `Sign out`. Akwai kuma wuri na biyu da mutane ke mantawa, cikin `2-Step Verification`, inda ake soke amanar na'urori da `Revoke all`. Fitar da na'ura daban, cire mata amana daban. Kafin ya bar wurin na sa ya duba lambar waya da adireshin da aka ajiye don farfaɗo da asusu, da kuma ko an saita imel ɗin ya riƙa tura kwafin saƙonni wani wuri. Mai wayo in ya shiga gida, taga yake fara buɗewa don gobe.

Ofisoshin da ke aiki da Microsoft 365 suna da maɓallin `Revoke sessions` a hannun mai kula da asusun ma'aikata. Sai dai a san iyakarsa: yana hana sabunta tikiti, amma ƙaramin tikitin da aka riga aka bayar yana iya ci gaba da aiki har kimanin awa ɗaya. Shi ya sa a cikin wannan awa ba a cewa an gama.

Ƙofar gari, sannan ƙofofin ɗakuna

Sabobin kamfanin ba sa fuskantar intanet kai tsaye. Sai an bi ta wani keɓaɓɓen rami da ake kira VPN, nasu kuma WireGuard ne. Wannan ita ce ƙofar gari. In ta rufu, makullan ɗakuna sun rage amfani ko da ba a kai ga soke su ba. Ƙarfe 5:05 ƙanena ya isa ofis, ya zauna a gaban kwamfutar da ke can, ya buga `sudo wg show`. Umarnin yana jero kowace na'ura da aka yarda da ita, da lokacin da ta yi musabaha ta ƙarshe da saba. Ta laftof ɗinsa ta nuna awa bakwai da suka wuce, wato da safe, tana hannunsa. Ya sauke ajiyar zuciya, ya cire ta:

```
sudo wg set wg0 peer <PUBLIC_KEY> remove
```

Sai SSH. A kowace saba ya buga wannan, don ya ga makullan da ƙofar ta sani:

```
ssh-keygen -lf ~/.ssh/authorized_keys
```

Kowane layi yana fitowa da tambarin yatsan makullin, wanda ke farawa da `SHA256:`, da ɗan bayanin da aka rubuta a ƙarshensa. A sabar farko layi huɗu ne. Ɗaya na kwamfutar ofis, ɗaya na laftof, ɗaya na aikin ajiyar kwafi da ke gudana da dare. Na huɗun babu bayani ko kaɗan. Nan hankalinsa ya tashi, ya ɗauka ɓarawon ya riga ya dasa nasa. Da ya duba ranar da aka taɓa fayil ɗin da `ls -l`, sai ya ga wata takwas da suka wuce. Da ya yi tunani ya gano na wani ɗan kwangila ne da ya kafa musu manhajar lissafi ya tafi. Ba ɓarawo ba ne, amma ƙofa ce da ta yi wata takwas a buɗe ba wanda ya sani. Ya goge layin tare da na laftof.

Akwai tarko uku a wannan mataki. Na ɗaya, kowane asusu a saba yana da nasa jerin. Wanda ya goge makulli daga asusunsa ya manta da na `root`, wato babban asusun da ke iko da komai, ya rufe taga ya bar ƙofa. Na biyu, goge makulli yana hana sabon shiga ne kawai, ba ya korar wanda ya riga ya shige. Sai an buga `who` an ga waɗanda ke ciki yanzu, a katse duk wanda ba a gane ba. Na uku, mutum na iya goge layin da bai kamata ba ya kulle kansa a waje. Maganinsa shi ne kada ka rufe tagar da kake aiki a ciki sai ka buɗe wata sabuwa ka tabbata kana iya shiga.

Tarko na huɗu kuwa shi ne ƙwaƙwalwa. Ƙanena ya ce saba uku gare su. Na ce ya tuna da kyau, domin laftof ɗin ta fi shi tuni: a cikinta akwai fayil ɗin `config` da tarihin umarnin da ya buga, waɗanda ke jero adireshin duk inda ya saba shiga. Taswira ce aka ba ɓarawo tare da makulli. Sai ga ta huɗu ta faɗo masa, wata 'yar saba da suke haya a intanet don ajiye kwafin bayanai. Ita ba ta bayan VPN, kowa na iya ƙwanƙwasa mata daga ko'ina, kuma a cikinta akwai kwafin lissafin kamfanin gaba ɗaya. Wadda aka manta ita ce ta fi kowace haɗari. Sai ƙarfe 6:40 aka cire makullin daga cikinta.

Ta yaya za a san ko an shiga?

Tsakanin 4:20 da 6:40 akwai awa biyu da minti ashirin da wannan ƙofa ta yi a buɗe. Ba a amsa wannan tambaya da fata, rajista ake dubawa. A saba mai Ubuntu:

```
sudo grep "Accepted publickey" /var/log/auth.log
```

Kowane layi yana nuna lokaci, da asusun da aka shiga, da adireshin intanet ɗin da aka fito, da tambarin yatsan makullin da aka yi amfani da shi. Abin nema ɗaya ne: tambarin makullin laftof bayan ƙarfe 4:20. Babu. Na ƙarshe na daren Laraba ne. GitHub ma yana nuna lokacin da aka yi amfani da kowane makulli a shafin `SSH and GPG keys`, ya duba, ya goge.

Da an ga layi ko ɗaya, da labarin ya canza. Wanda ya shiga da iko babba yana iya dasa makullinsa, ya buɗe sabon asusu, ya ma share sawunsa daga rajistar. Irin wannan saba ba a wanke ta, sake kafa ta ake yi daga tushe. Akwai kuma doka. A Najeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta wa kamfani ya sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 da gano ɓarakar da ka iya cutar da mutanen da bayanansu ke hannunsa. Wannan ya shafi har abin da ke kan faifan laftof ɗin kanta, ko da ba a taɓa saba ba.

Saura sirrikan da ke kwance a fayiloli. A jakar aikinsa akwai fayil mai suna `.env` ɗauke da kalmar sirrin rumbun bayanai da makullin kamfanin da ke tura musu saƙon tes. Burauzar kuma ta haddace kalmomin sirri da dama. Ƙa'idar ita ce duk abin da laftof ta taɓa sani a ɗauka an sani. Aikin sauya su ya ci Juma'a da Asabar. A rassan biyu kuma akwai AnyDesk da aka saita ya buɗe ba tare da wani ya amsa ba, laftof ɗin ta ajiye shaidar shiga. Sauya kalmar sirrin a kwamfutocin rassan ne ya kashe wannan shaida.

Mai karatu zai ce, me ya sa ba a goge laftof ɗin daga nesa ba? In an tanadi hanyar tun farko, a aika umarnin. Amma umarnin ba ya isa sai na'urar ta hau intanet, kuma wanda ya san abin da yake yi ba zai bari ta hau ba. Sannan a kula da bambancin gogewa da cirewa. Mai Mac da ya cire na'urar daga asusunsa na Apple ya cire mata kullen da ke hana wani amfani da ita, ya yi wa ɓarawo kyauta. A goge, kada a cire.

Makullin da ya dawo da kansa

Ranar Litinin da dare wuta ta ɗauke, batiran ofis suka ƙare, sabar VPN ta mutu. Da safe ta tashi lafiya. Ƙanena ya buga `wg show` don ya ga ko rassan sun haɗu, sai ga makullin laftof ɗin da aka sace zaune a jerin kamar ba a taɓa cire shi ba.

Ba aljanu ba ne. Umarnin da ya buga ranar Alhamis ya cire makullin daga abin da ke gudana a lokacin ne kawai. Fayil ɗin `/etc/wireguard/wg0.conf`, wanda sabar ke karantawa duk lokacin da ta tashi, yana nan da tsohon layinsa. Ƙofar ta yi 'yan awoyi tana sake sanin makullin. Babu musabaha a gabansa, wato ba wanda ya gwada. Ya goge sashen daga fayil ɗin, ya sake tayar da sabar da gangan, ya duba, babu shi.

Darasin da ke nan ya fi duk umarnin da ke sama. Sokewa ba ta tabbata sai an gwada. Masu OpenVPN suna da irin nasu tarkon: a soke takardar shaidar na'ura, a manta ba a sabunta jerin sokakku ba, ko a sabunta a manta ba a kai wa saba ba, sai sokakkiyar takarda ta ci gaba da buɗe ƙofa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya ci masa lokaci ranar Alhamis ba buga umarni ba ne, tuno wuraren ne. Yanzu kowace na'urarsa tana da makullinta daban mai ɗauke da sunanta da shekara, don in ɗaya ta tafi layi ɗaya za a nema. Akwai takarda guda a durowar Alhaji da ke jero ƙofofi tara da sabuwar laftof ke iya buɗewa, da yadda ake rufe kowace. Faifan a kulle yake, kuma in zai hau titi kashe ta yake yi.

Bayan mako uku wani mai gyara ya kira shi, ya ce an kawo masa laftof da lambar wayarsa manne a ƙasanta. Ya je ya karɓo. Ya bugo mini yana murna, yana tambaya ko ya mayar da tsohon makullin tunda kayan sun dawo. Na ce ya tambayi Alhaji ko ya taɓa mayar da tsohon kwaɗo a shago don an tsinto makullinsa a kasuwa. Ya yi dariya, ya goge faifan tas, ya ba ɗan aiken ofis ita ya riƙa buga rasit.